Ya zan sa mutum-mutumin labarina ya zama mai rai ba tare da ya koma ɗan Adam ba?

Tambaya: Malam, ina rubuta labarin da jaruminsa mutum-mutumi ne. Duk wanda ya karanta sai ya ce ko dai kamar mutum yake a rigar ƙarfe, ko kuma babu rai a cikinsa sam. Na gyara har na gaji, ina jin tsoron labarin ya mutu a hannuna. Ina mafita?

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, labarin bai mutu ba. Ki ajiye batun abin da yake ji a zuciya tukuna, ki fara tantance da me yake sanin duniya, me ke ƙare masa, kuma me yake iya riƙewa a ƙwaƙwalwarsa.

Bari mu ɗauki na'ura ta gaske. Opportunity, wata motar bincike marar direba, ta sauka a duniyar Mars a 2004 don aikin kwana 90, amma ta yi ta aiki har Yunin 2018. Da hasken rana take samun wuta, don haka ƙurar da ke taruwa a kan farantanta na rage mata ƙarfi, wani lokaci kuma iska ta zo ta share. Sanyin dare na iya lalata kayan cikinta, ga shi ɗumama su wuta yake ci. Daga baya ma'ajiyar bayananta ta lalace, har aka koma aiki ba tare da ita ba: duk abin da ta tattara da rana, in ba a tura shi ba kafin ta kashe na'urorinta ta kwanta, ya tafi ke nan.

To, a ce jarumin labarinki haka yake. Yamma ta yi, wutar da ta rage ba za ta ishi abu biyu ba: ko ya tura hoton wani dutse da ya gani, ko ya ɗumama jikinsa. Kada ki rubuta cewa tsoro ya kama shi. Ki nuna yana sake lissafin wutar alhali ya san amsar ba za ta canza ba, sannan ya rage ɗumin ya tura hoton. Da safe ya farka bai san dutsen ba, sai dai ya ga wutarsa ta yi ƙasa fiye da yadda ya kamata, ya fahimci cewa jiya ya zaɓi wani abu a kan lafiyar jikinsa. Shin zai yarda da hukuncin wancan na jiya, ko zai ɗauke shi a matsayin tangarɗa? Mai karatu zai ji wannan a ransa, kuma damuwa ce da ta fito daga ƙirar na'urar kanta.

Abin da ke ba ni haushi kuwa shi ne shawarar da masu koyar da rubutu na jeka-na-yi-ka ke ba ku, wai sai na'ura ta yi kuka, ko ta kamu da soyayya, ko ta yi burin zama mutum, kafin a ce tana da rai. Kusan duk rubutun da ake kawo mini in duba, wannan ciwon ne a ciki. Hawayen daga ina? Bugun zuciyar fa, wace zuciya? Tsoronmu yana tafe da jini da numfashi da sanin cewa mutuwa ɗaya ce. Wanda ake iya kashewa a kunna, ko a kwafe shi gida biyu, don me zai ji tsoron kashewa irin namu? Wataƙila abin da zai fi tayar masa da hankali shi ne a kunna shi bayan an sauya abin da yake so, kuma ba shi da hanyar ganewa. Ita kanta Opportunity ba ta tsira daga wannan ɗabi'ar tamu ba. Jimlar da ta yaɗu a matsayin kalamanta na ƙarshe, cewa batirinta ya yi ƙasa kuma duhu na shigowa, wani ɗan jarida ne ya tsara ta daga bayanin masana. Abin da na'urar ta aiko alkaluma ne na wuta da na ƙurar da ta rufe rana. Jimlar ta yi daɗi, amma bakinmu muka ara mata. Masu gudun mayar da mutum-mutumi ɗan Adam kuma sai su faɗa wani ramin, su sa shi magana a sandare yana tambayar mene ne dariya, kamar rashin fahimtar mutane shi ne hali.

Ga yadda za ki gwada rubutunki. Ki ɗauki shafi ɗaya, ki cire sunan mutum-mutumin ki sa na mutum. In shafin ya tafi lafiya ba abin da ya karye, to mutum kika rubuta. Sai ki koma ki duba abin da yake fara lura da shi in ya shiga ɗaki. In fuskoki ne, ki tambayi kanki ko ƙirarsa ta ba shi dalilin kallon fuska, ko kuwa zafin ɗakin da inda zai sami wuta ne ya kamata su riga zuwa masa.