Biyel ɗin injin ɓare gujiya ta ƙi motsi a SolidWorks

Tambaya: "Salamu alaikum ƴan uwa. Ina nan Yamai, ina zanen injin ɓare gujiya na hannu a manhajar zanen injuna SolidWorks ta Faransanci. Akwai shasi, da manibel ɗin da ake juyawa, da hannun da ke kai da komo, da biyel, wato sandar da ke haɗa su biyun. Komai yana tafiya daidai, sai da na gama ɗaure biyel ta kai biyu sai Contraintes, wato umarnin da ke ɗaure piyes da piyes, suka yi ja da rawaya, alamar (+) ta fito, yanzu ko na ja manibel ba ya juyawa. Ina gyaran yake?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka goge komai, duba alamar da ke gaban sunan kowace piyes a jerin da ke hagu, don ƙin motsi iri-iri ne. In ka ga (f), an kafe ta ne, kuma shasi kaɗai ya kamata ya zama haka. SolidWorks yana kafe piyes ɗin farko da ka shigar da kansa, don haka in manibel ka fara sawa, danna masa dama ka zaɓi Libérer, ka koma kan shasi ka zaɓi Fixer. In ka ga (-), piyes tana da sauran hanyar motsi, kuma a inji mai juyawa abin da muke so ke nan. In babu alama ko ɗaya, an ɗaure ta tsaf ba tare da rikici ba, ba za ta motsa ba. Taka kuwa (+) ce, wato ka ba ta umarni fiye da kima, kuma tunda akwai ja, wasu umarnin suna karo da juna.

Ga lissafin da nake so ya zauna maka. Piyes da ba a ɗaure ba tana da hanyar motsi 6: zamewa ta fuska uku, juyawa ta fuska uku. Coaxiale, wato umarnin da ke sa rami da fil a kan tsakiya ɗaya, yana cinye 4, ya bar mata juyawa a kan fil ɗin da zamewa a tsawonsa. In ka ƙara Coïncidente, wato umarnin da ke manne fuska da fuska, tsakanin fuskar piyes da kafaɗar fil, zamewar ta tafi, saura juyawa kawai. Manibel a kan shasi waɗannan biyun yake bukata, hannun kai da komo ma haka.

Biyel ce ke da wuyar sha'ani, saboda ita ke rufe zobe: shasi ya riƙe manibel, manibel ya riƙe biyel, biyel ta riƙe hannu, hannu ya dawo kan shasi. A kanta na farko ka sa Coaxiale da Coïncidente, daidai ne. A kanta na biyu Coaxiale kaɗai take bukata. Matsayinta na gefe an riga an tsayar da shi a kai na farko, don haka Coïncidente na biyu maimaici ne. Kusan duk ɗalibin da ya kawo mini irin wannan zanen, nan matsalar take, don hannu yakan so ya yi wa kai biyun abu iri ɗaya.

Mu sa lambobi. A ce fuskar manibel inda biyel ke kwanciya tana nisan milimita 60 daga tsakiyar shasi, fuskar hannu kuma tana 62, saboda kaurin falankin da ka zana ya bambanta. Biyel ƙarfe ne miƙaƙƙe, bayanta shafaffe. Ka ce mata ta kwanta a 60, ka kuma ce ta kwanta a 62. A atiliye mai walda zai ɗaure noti da ƙarfi, ƙarfen ya ɗan lanƙwasa, aiki ya wuce. A cikin ordinata ƙarfe ba ya lanƙwasa, ko bambancin bai kai rabin milimita ba zai ƙi. Da a ce fuskokin biyu duk suna 60 cif, sau da yawa zai karɓi maimaicin bai ce uffan ba, sai ranar da ka canza kaurin wata piyes komai ya yi ja, kana mamakin abin da ka taɓa.

Launukan ma suna da magana. Ja yana nufin ba a iya cika wannan umarnin ba. Rawaya yana nufin an cika shi, amma yana cikin waɗanda ke rikicin. Kada ka ɗauka mai ja shi ne mai laifi. Sau da yawa shi ne kawai wanda aka rasa yadda za a yi da shi bayan an biya wa sauran bukata.

Yadda nake bi shi ne, in buɗe Contraintes, in fara daga na ƙasa, wato wanda aka sa a ƙarshe. Danna masa dama ka zaɓi Supprimer. A na Faransanci wannan kashe shi yake na ɗan lokaci, yana nan ya yi toka-toka, Effacer ne ke share shi gaba ɗaya. Sai ka danna Ctrl+Q don ya sake lissafa zanen gaba ɗaya, ka ja manibel. In jan ya ɓace, ka kama bakin zaren. In bai ɓace ba, mayar da shi ka kashe na samansa. Ɗaya-ɗaya, kada ka kashe biyar a tare, don ba za ka san wanne ya warware ba. MateXpert yana taimakawa wajen ware maka ƴan kaɗan ɗin da ke karo a cikin masu yawa, amma ba zai zaɓa maka wanda za ka cire ba.

Da ka kashe Coïncidente na biyu manibel ya juya, kada ka tsaya nan. Ɗauki Mesurer ka auna tsakanin bayan biyel da fuskar hannu. Milimita 2 ɗin nan da za ka gani gaskiya ce game da injinka, kuma za ta bi ka har wurin maƙera a Katako in ba ka gyara ta a zane ba. Ko ka sa rondel mai kaurin 2 a bayan biyel ta wajen manibel, ko ka gyara kaurin piyes ɗin. Wannan shi ya sa ba na son mutum ya yi ta goge Contraintes har ja ya tafi: sau da yawa jan yana nuna maka kuskuren awo ne tun kafin ka sayi ƙarfe.

Haka abin yake ga akis mai rulma biyu. Coaxiale da rulma ɗaya ya ishe shi. In ka sa na biyun alhali mazaunin rulma ɗaya ya ɗara ɗayan tsawo, (+) zai dawo.

In ja ya tafi amma har yanzu ba motsi, nemi Parallèle ko Angle da ka sa tun farko don manibel ya tsaya a miƙe kana aiki. Irin wannan ba ya kawo ja, sai dai ya cinye juyawar da ta rage. In kuma manibel da akis ɗinsa ka haɗa su a wani fayil daban ka shigo da su, suna zuwa a matsayin Rigide, motsin cikinsu ba ya aiki sai ka mayar da su Flexible.

In ya juya rabi ya cije, to ba laifin Contraintes ba ne, tsawon sandunan ne. Kafin manibel ya zagaya cikakke, sai ya zama shi ne mafi gajarta, kuma tsawonsa haɗe da na mafi tsawo kada ya wuce jimlar sauran biyun. Manibel 50, biyel 200, hannu 150, tsakanin fil biyu na shasi 220: 50 da 220 sun ba da 270, sauran biyun 350, zai zagaya. Turo mana tsawon naka huɗun da hoton jerin Contraintes bayan ka kashe Coïncidente ɗin, mu duba tare.