Shin a wurin abokai ake koyon sata?

"Malaminmu a Khartoum ya ce koyon laifi ake yi. Yaya nazariyyar Sutherland ta bayyana hakan? A ba ni misali mai sauƙi."

E, ɗan'uwa, koyo ne, kuma a wurin na kusa. Edwin Sutherland, Ba'amurke masanin nazarin laifuka, ya shimfiɗa nazariyyar cuɗanya mabambanciya, wato ra'ayin cewa a cuɗanya da mutane ake koyon laifi, cikin ƙa'idoji 9 a 1947, inda ya ce abu biyu ake ɗauka: dabarar aikin, da hujjar da ke halasta shi a zuci. Ɗauki yaro ɗan shekara 14 mai dako a kasuwar Omdurman. Manyan yara za su nuna masa yadda ɗaya ke ɗauke hankalin mai shago da ciniki, ɗayan ya zare kaya. Wannan kwana ɗaya ya isa. Abin da ke cin watanni shi ne maganar da yake ji kullum: "Attajiri ne, ba zai ji a jikinsa ba," ko "Haƙƙinmu ne da yake dannewa."

Sai dai akwai sharaɗi: zama da su kawai ba ya mayar da shi ɓarawo. Sai maganganun da ke ƙawata karya doka sun rinjayi masu hana ta. Rinjayen kuwa ya danganta da yawan haɗuwa, daɗewar abotar, ƙuruciyarsa lokacin da ya fara ji, da girman mai maganar a idonsa. Kalma ɗaya daga yayansa ta fi goma daga baƙo. Alamar kan fara fitowa a baki kafin hannu, ranar da ya daina cewa "sata" ya koma cewa "samu".