Wasikar neman aikin ofis: dora ta a kan sanarwar

Tambaya: "Na gama lisans a Jami'ar Abdou Moumouni, na ga sanarwar aikin ofis nan Yamai. Suna neman mai iya Excel, tsara takardu da tarbar baki. Sitaj kawai na taba yi. Me zan rubuta?"

Kanwata, ajiye sanarwar gabanki, ki ja layi karkashin abubuwan nan uku. Mai tace wasiku da su yake auna kowa, don haka kowanne ki ba shi shaida daga aikin da hannunki ya taba.

Kada ki ce "na iya Excel" ki tsaya, kowa haka yake cewa. A ce a mairi kika yi sitajin. Sai ki rubuta, da Faransanci tunda da shi aka yi sanarwar: "Lokacin sitajina na wata uku, ni ke shigar da wasikun da suka shigo da wadanda suka fita cikin Excel, da lamba da kwanan wata, har ana gano takarda ba tare da an birkice kabad ba." Kin ga jimla guda ta dauki bukata biyu. Tarbar baki kuma, fadi wa kika tarba da harshen da kika yi masa magana. Hausa da Zarma abin ambato ne a Yamai.

In sun ce sai mai shekara biyu a aiki, kada ki kumbura wata ukun, takardar shaidar sitaj za ta tona. Fadi gaskiyar tsawonsa, ki bi da abin da kika rike.

Shafi daya ya isa, sunan mukamin a layin "Objet" kamar yadda suka rubuta shi. Kafin ki kai, gwada canza sunan ma'aikatar da wata. In wasikar ta zauna daidai, ba ki amsa sanarwarsu ba tukuna.