Golden cross: me ya sa yake zuwa a makare?

"Ina ganin golden cross na saya, kwana biyu farashi ya zube. Ina matsalar?"

Ɗan'uwa, layuka biyun da ke haɗa golden cross a jadawalin farashi baya suke kallo. Golden cross shi ne layin matsakaicin farashin rufewar kasuwa na kwana 50 ya haura na kwana 200. In ya nutse ƙasa, death cross ke nan. Tsakiyar layin 200 tana wajen kwana 100 baya, ta 50 kuwa wajen kwana 25.

Misali, farashi ya daɗe a 100, rana ɗaya ya koma 80 ya zauna. Bayan kwana 50 gajeren layin ya kai 80, dogon yana 95. In farashi ya tashi zuwa 90 ma, sai ya yi wajen kwana 100 a can kafin su haɗu. Kai kuma a nan ka shigo, lokacin da na farko ke kwashe riba.

Dubi S&P 500, ma'aunin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, a 2020: faɗuwar ta kai ƙasa ne ranar 23 ga Maris, death cross sai ƙarshen watan, golden cross kuwa sai Yuli.

Kafin ka saya, duba gangaren layin 200. In a kwance yake, ni dai ba na taɓawa, don a nan layukan ke ta sarƙewa a banza.