Katangar da ke tare cikon gidana ta fara karkata, fila za ta cece ta?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Gidana a Malali yake, cikin garin Kaduna, a kan gangare. Shekara biyu da suka wuce na yi ciko da jar ƙasa, na tare shi da katangar bulo inci 9 da aka cika da kankare, tsayinta daga ƙasan fandisho mita 2. Bayan ruwan Agusta sai na ga ta karkata wajen maƙwabcina kamar yatsu uku, ga kuma tsaga a kwance ta ƙasa. Magini ya ce mu ƙara fila kawai. Ya isa?

Amsa: Malam, fila kaɗai ba za ta isa ba. Kafin mu shiga bayani ma, ka sanar da maƙwabcin naka yau, a hana yara wasa a gindin katangar, a ɗauke duk wata rumfa ko murhu da ke wurin. Katangar da ta tsage a kwance ba ta faɗa wa kowa ranar faɗuwarta.

Abin da ke tura katangarka ruwa ne fiye da ƙasa, kuma lissafin ba shi da wuya. Mu ɗauki mita ɗaya na tsawon katangar. Ƙasar ciko busasshiya tana da nauyin kusan tan 1.8 a kowace mita murabba'i mai zurfin mita ɗaya, amma ba duka nauyin take jingina wa katanga ba, domin ƙwayoyinta suna riƙe juna. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke tafiya gefe. A tsayin mita 2, wannan turi ya kama tan 1.2. Ruwa kuwa ba ya riƙe kansa ko kaɗan: yadda yake danna ƙasa haka yake danna gefe. Idan cikon ya sha ruwa har sama, ruwan shi kaɗai zai ba da tan 2, ƙasar da ke cikinsa ta ƙara kusan 0.7, jimilla tan 2.7. Ka ga turin ya ninka har da ɗoriya, alhali ba wanda ya ƙara ko kwanon ƙasa ɗaya.

Turin ya fi yawa a ƙasa, shi ya sa ake ɗaukar cewa yana aiki ne a kashi ɗaya cikin uku na tsayi, wato santimita 67 daga gindi. Yana neman ya juya katangar a kan bakin fandishonta na gaba. Idan ka ninka turi da wannan tsayi, ƙarfin kifarwa ya zama 0.8 a rani, 1.8 idan ciko ya jiƙe sharkaf. Me ke riƙe ta? Nauyinta, da nauyin fandisho, da na ƙasar da ta zauna a kan fandishon ta baya. Ina kyautata zaton an yi maka irin fandishon da aka saba yi wa katangar gida, faɗinsa ninki uku na bulo, wajen inci 27. Idan haka ne, duka ƙarfin riƙon wajen 0.8 ne kawai. Ke nan tun ranar da aka gama ta a kan gaɓa take, danƙon jar ƙasa ne ya rufa mata asiri, domin jar ƙasa idan ta bushe tana iya tsayuwa da kanta. Da ruwa ya ratsa ta sai danƙon ya saki. Mu a wajen zane muna son ƙarfin riƙo ya fi na kifarwa da aƙalla ninki ɗaya da rabi, wasu ma biyu suke nema.

Wani abin da ke yaudarar magina shi ne tsayi. Idan ka ninka tsayin ciko sau biyu, turi yana ninkuwa sau 4, ƙarfin kifarwa kuma sau 8. Wanda ya tare ciko mai tsayin mita 1 da bulo ya zauna lafiya, sai ya ɗauka mita 2 ma ƙarin layin bulo ne kawai.

Tsagar da ke kwance tana nuna inda katangar ta karye. Fuskar da ke manne da ƙasar ciko ita ce ake ja, don haka nan ne rodi ya kamata ya zauna, ya kuma lanƙwasa ya shige cikin fandisho. Sau da yawa idan muka fasa irin wannan katanga sai mu tarar rodin yana tsakiya, ko an dasa shi ne kawai a kan fandisho bayan kankare ya bushe. Filar da za a liƙa a jikin wannan, a kan ɗan siririn fandishon nan, tare za su tafi.

Ga abin da zan yi da gidana ne. Da farko a raba ruwa da cikon. Ka bi indararon rufinka ka ga inda yake zuba, ka duba ko sokawe ko bututun wanka yana kusa da katangar, ka kuma duba tsakanin daɓen tsakar gida da katanga. Idan ka ga wata 'yar tazara da yatsa zai shiga, ta nan ruwa ke sulalewa, a toshe ta. Kada a ƙara ajiye mota ko tankin ruwa a wurin. Tanki mai lita 1,000 tan ɗaya ne cif. Sannan ka rataya igiya mai dutse daga saman katangar, ka auna tazararta da jikin bulo a gindi, ka rubuta, ka sake aunawa bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Idan adadin yana canzawa, kada a jira rani: a kwashe cikon da ke bayanta da shebur, daga sama zuwa ƙasa, ma'aikata suna tsaye ta cikin gidanka, ba ta gefen da ta karkata ba.

A ganina, karkatar yatsu uku tare da tsaga a gindi ta wuce gyara. A sake ta. Faɗin fandisho ya zama tsakanin rabi da kashi 70 cikin 100 na tsayi, wato mita 1 zuwa 1.4, kuma mafi yawansa ya shiga ƙarƙashin cikon, don nauyin ƙasar da kanta ya danne shi. Girman rodi da tazararsa injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, shi ne zai fitar bayan ya ga ƙasar wurin, kuma ka tuntuɓi KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, kan izini tunda katangar iyaka ce.

Ramukan tsiyayar ruwa su ne suka fi arha a duk aikin, kuma su aka fi lalatawa. Ana sa guntayen bututun roba inci 3, tazarar mita 1 zuwa 1.5, layin farko kamar taƙi ɗaya sama da ƙasar waje, an ɗan sunkuyar da bakinsu waje. Amma rami kaɗai ba ya aiki a jar ƙasa, laka za ta cike shi a damina ɗaya. Dole a jera tsakuwa wankakkiya mai kaurin ƙafa ɗaya a bayan katangar tun daga gindi, a raba ta da ƙasa da yadin tace ruwa da ake kira jiyotestayil, sannan a rufe ƙafa ɗaya ta sama da kankare ko laka da aka daddaɓe, don kada tsakuwar ta zama hanyar ruwan tsakar gida. Ka tsaya a kan mai filasta da kanka, domin da yawansu sukan shafe ramukan don katanga ta yi kyau.

Tunda ramukan cikin gidan maƙwabci za su zuba, zai fi maka kwanciyar hankali ka shimfiɗa bututu inci 4 mai huji-huji a ƙasan tsakuwar, da ɗan gangare, ya kai ruwan har lambatun bakin titi. Ramukan kuma su zauna don ko bututun ya toshe. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a Agusta mai zuwa, ka je bakin bututun ka duba. Ruwa mai haske yana fita, aiki ya yi. Ja ne da laka, yadin ya yage ko ba a sa shi ba. Idan kuwa ba abin da ke fita amma jikin katanga ya yi damshi da farin gishiri, ruwan yana nan a ciki, sai a zura sanda a ramukan a gano inda ya toshe.