Ya ce mini akwai kuɗi a sola, na ajiye aikina: zan iya maka shi a kotu?

Assalamu alaikum Barista. Ni matashi ne a Kano, shekarata 27, da ina riƙe da lissafi a wani shagon sayar da magani. Na tambayi wani abokin yayana da ya daɗe yana haɗa wutar sola ko sana'ar za ta riƙe ni. Ya ce mini akwai kuɗi sosai, wai a wata mutum yana iya tashi da naira dubu 400, ya kuma haɗa ni da wani oga. Na ajiye aiki, na biya ogan naira dubu 300 kuɗin koyo na wata shida, ba mu rubuta komai ba sai shaidar tura kuɗi ta banki. Yanzu wata uku ke nan, aikina ɗaukar batir da riƙe tsani, ko sisi ba a ba ni, kuma na gano jiri nake yi idan na hau rufi. Ina so abokin yayan nawa ya biya ni albashin da na rasa, ogan ya dawo mini da kuɗina duka, ya kuma biya ni mafi ƙarancin albashi na watannin da na yi masa bauta. Ina da gaskiya?

Wa alaikumus salam. Abin da zan faɗa ya dogara ne a kan labarinka kai kaɗai, ban ji ta bakin ogan ba, ban kuma ga saƙonnin da kuka yi ba, don haka ka ɗauke shi a matsayin haske kafin ka zauna da lauya da takardunka a hannu. A yadda na karanta, cikin buƙatunka uku biyu suna da rauni ƙwarai, ɗaya ce ke da abin kamawa, ita ma ba duka ba.

Mu fara da abokin yayanka, domin a nan ka fi kuskuren fahimta. Doka tana rarrabe tsakanin faɗin abin da ya tabbata da faɗin ra'ayi ko hasashe. “Akwai kuɗi a sola” ra'ayi ne. “Mutum yana iya tashi da dubu 400” ma, da wannan “yana iya” a ciki, ya fi kama da hasashe, kuma ba mamaki akwai watan da shi ya samu hakan. Akwai ƙa'idar da ta fito daga shari'ar Hedley Byrne ta 1963 a Ingila, wadda kotunanmu ke aiki da ita, cewa wanda ya ba da shawara da sakaci har wani ya yi asara yana iya ɗaukar alhaki. Amma sai an nuna cewa ya ɗauki nauyin shawarar, ya san za ka gina hukunci a kanta, kuma dogaron da ka yi da ita ya dace da hankali. Hirar da aka yi a majalisa ko a waya tsakanin ƙani da abokin yayansa, galibi kotu ba ta ɗaukarta da wannan nauyin. Alƙali zai tambaye ka mutum nawa ka tuntuɓa kafin ka ajiye aiki, kuma idan amsar ita ce ɗaya, ba za ta yi maka daɗi ba.

Abu guda ne zai iya sauya wannan, shi ma ba tabbas: idan ogan ya ba shi la'ada a kan kawo ka. A nan ya tashi daga mai shawara ya koma ɗan tallan wanda ka ƙulla da shi, kuma maganarsa tana iya zama abin da ya ja ka cikin yarjejeniyar. Wannan tambaya ce da ya kamata ka yi masa tun ranar farko, cikin ladabi: “Yaya, in na shiga wajen nan akwai wani abu da ake ba ka?” Har yanzu ba ta ɓaci ba, amma yayanka ya fi dacewa ya yi ta.

Mafi ƙarancin albashi kuwa, gaskiya ne an mai da shi naira dubu 70 a 2024, sai dai dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da waɗanda ake biya da la'ada ko gwargwadon aikin da suka yi. Da wuya shagon haɗa sola na unguwa ya kai mutum 25. Ban da haka, kai ka shiga ne a matsayin ɗan koyo mai biya, kuma ba ka ce an yi maka alkawarin wani abu a wata ba. Idan an yi, ko da kuɗin mota ne, kuma kana da shaida ko saƙo, wannan daban ne.

Inda kake da magana shi ne kuɗin koyo. Dokar Ƙwadago ta ce wanda ya kai shekara 16 yana iya sa kansa koyon sana'a na lokacin da bai wuce shekara biyar ba, kuma sashe na 50 ya ce yarjejeniyar ta kasance a rubuce, jami'in ƙwadago ya shaida ta. Kusan babu mai yin haka a kasuwa, na sani, amma ogan da ke karɓar dubu 300 daga hannun matasa ya ci a ce yana da ko da takarda ɗaya mai nuna abin da zai koyar, kuma rashin ta bai ba shi damar riƙe kuɗin mutum ba tare da ya koyar ba. Matsalarka ita ce zai ce ɗaukar batir da riƙe tsani su ne matakin farko, haka shi ma ya fara, kuma kai ne ka janye saboda jiri, shi bai kore ka ba. Wannan kariya ce da alƙali zai iya saurara. Idan aka raba kuɗin a kan wata shida, kowane wata ya kama dubu 50. Ka cinye uku, saura dubu 150, kuma wannan ne saman abin da nake ganin za ka nema da hujja. In ka iya nuna cewa cikin wata ukun ba a taɓa zaunar da kai an nuna maka lissafin lodi, wato yawan wutar da kayan gida za su ja, ko haɗa inbata ba, kana iya ƙara wani abu a kai. Duka dubu 300, ban ga hanya mai sauƙi ba.

Yanzu ga abin da nake so ka tsaya a kansa, domin ko ka ci gaba da sola ko ka koma wata sana'ar, sai ka sake tambayar mutane. Tambayar da ka yi, “akwai kuɗi?”, ba ta da amsar da za a kama mutum da ita, a kotu ko a waje. Tambaya mai amfani ita ce wadda amsarta lamba ce, ko rana, ko abin da ya riga ya faru. Da ka ce masa, “A bara wane wata ne ya fi maka muni, kuma nawa ka shigar?” da ka ji cewa aikin yana da lokaci: ana rububinsa lokacin zafi daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da kowa ke neman fanka da firji, yana kuma iya yin sanyi bayan haka. Da ka ce, “Cikin dubu 400 ɗin, nawa ne ladan hannu, nawa ne ribar kaya?” da wataƙila ka gano cewa kaso mai tsoka yana zuwa ne daga sayen fanel da batir da inbata a sari a ɗora riba, abin da ke buƙatar jari ko amincewar dila, wanda sabon yaye ba shi da ko ɗaya.

Jirin nan ma tambaya ɗaya ce da ta fito da shi kyauta: “Jiya daga safe zuwa yamma me ka yi?” Mai sana'a zai ce maka ya hau kwano da rana tsaka yana ɗaure fanel, sun ɗaga batir mai nauyin kusan kilo 60 zuwa bene, ya koma wani gida inda ruwa ke zuba ta hujin da aka yi wa rufi, mai gida yana faɗa. Sai ka roƙi ya tafi da kai aiki kwana biyu ko uku kafin ka ajiye naka. Wanda ya ƙi a bi shi a gani, to ka lura.

Akwai kuma tambayoyin da lauya ne zai fara tunaninsu, mai sana'a ba zai kawo su da kansa ba. Idan aka juya waya inbata ta ƙone, wa ke biya, oga ko yaron da ya haɗa? Idan yaro ya faɗo daga rufi, wa ya taɓa biyan asibiti? Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa da 'yan koyo cikin waɗanda take karewa, tana kuma buƙatar mai aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa ga NSITF, hukumar da ke kula da asusun diyyar, amma ko ogan ya yi rajista, wannan sai an tambaya, kuma ba zan yi mamakin amsar ba. Sannan wace takarda ake fita da ita? Takardar da oga ya buga a shagonsa daban take da gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daban kuma da shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu haɗa wutar lantarki, wadda manyan ayyuka kan nema.

Wa za ka tambaya ma yana da muhimmanci. Oga yana da abin sayarwa, abokinsa yana da kunyarsa. Ka tambayi ogan, “Yara nawa ka yaye a shekara biyun nan, nawa ne ke cin abinci da sana'ar yanzu, zan iya magana da biyu?” Sannan ka nemi wanda ya koya ya bari, domin shi ne ba ya kare komai. Amsar da ta shafi kuɗi, lokaci, da abin da za a koya, ka maimaita ta a saƙon WhatsApp ka ce, “Oga, haka muka yi ko?” Da zarar ya amsa da “eh”, maganar ta zama abin da za a iya nunawa. Ba na ba da shawarar naɗar muryar mutane a ɓoye. Ko kotu za ta karɓa ko ba za ta karɓa ba magana ce mai tsawo, amma a sana'ar da kowa ya san kowa, zai rufe maka ƙofofi.

Game da kotu, rikicin da ya shafi aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi a kansa bisa sashe na 254C na tsarin mulki, yayin da neman a dawo da kuɗi zalla yana iya zuwa ƙaramar kotu, kuma lauyan ogan zai iya cinye watanni a kan wannan gardamar kaɗai. A kan dubu 150, kuɗin lauya da zirga-zirga za su iya lashe rabi ko fiye. Ni sulhu nake gani. Ka fitar da shaidar tura kuɗin daga banki, ka rubuta abin da ka yi kowane mako a wata ukun, kada ka daina zuwa haka kawai ba tare da ka sanar a rubuce ba. Yayanka da abokin nasa su zauna da ogan, tunda su suka ƙulla. Ka je da zaɓi biyu: ko a dawo da kuɗin watannin da suka rage, ko da kashi-kashi ne, ko a mai da sauran lokacin zuwa aikin ƙasa, wato lissafin lodi, haɗa inbata da batir, da gyara, a rubuta abin da za a koyar wata-wata. Idan ya ƙi zama, lauya ya rubuta masa wasiƙar nema mai wa'adin kwana 14, sannan a kai maganar cibiyar sulhu da ke ƙarƙashin Babbar Kotun Jihar Kano. Duk abin da aka amince a kai, a sa hannu da shaidu biyu, a rubuta ranar biyan kowane kashi.