Sa hannu a takardar murabus marar kwanan wata

Tambaya: "Na samu aiki, amma sun ce sai na sa hannu a takardar murabus marar kwanan wata da wata farar takarda. Doka ta yarda?"

Ɗan'uwa, a Najeriya murabus ba ya zama murabus sai da yardar ma'aikaci a lokacin da zai bar aikin. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya ba hurumin irin wannan shari'a, tana iya ɗaukar takardar da aka tilasta maka a matsayin kora. Dabarar masu ɗaukar ka aikin ita ce kauce wa sanarwar sallama: sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tanadi sanarwar mako biyu ga wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata guda ga mai shekara 5 ko fiye.

Matsalar ita ce hujja. Sa hannun naka ne, kai za ka nuna an tilasta ka. Farar takardar ta fi haɗari, domin ana iya rubuta bashi ko amsa laifin sata a samanta. Ita kam kar ka taɓa ta.

Ta murabus ɗin, in ba makawa, rubuta kwanan watan ranar a jikin sa hannunka, ka ɗauki hotonta. Ranar nan ka aika wa ofishin kula da ma'aikata na wurin aikin imel cewa sharaɗin ɗaukar aiki ne, ba ka yi murabus ba, ka ajiye kwafi a wani wuri da ba wurin aiki ba.